Yadda ake sa wake ya nuna da wuri: jiƙo, gishiri da lokacin zuba kowane abu

A yawancin gidajenmu an gaji wata doka ta girki da ke cewa kada a kuskura a sa wa wake gishiri sai ya nuna, domin gishiri yana ƙanƙame shi ya hana shi laushi. Ana bin wannan doka a unguwannin Legas irin su Agege da Idi-Araba da Obalende kamar yadda ake bin ta a Kano da Katsina, amma duk da haka tukunyar wake tana shafe awa biyu a kan wuta, gas yana ƙonewa, yara suna jiran abinci. A ganina an ɗora wa gishiri laifin da ba nasa ba. Abubuwan da ke hana wake nuna su ne tsufansa da irin ajiyar da aka yi masa, da ruwan da aka dafa shi da shi, da tsamin da aka zuba masa tun bai yi laushi ba. Gishiri kuwa, idan aka sa shi da wuri kuma daidai gwargwado, taimaka wa wake yake yi.

Abin da ke faruwa a cikin ƙwayar wake

Ƙwayar wake iri ce da aka busar domin ta jira damina, kuma ruwan da ya rage a cikinta bai wuce kashi 12 ko 13 cikin ɗari ba idan ta bushe yadda ya kamata. Kafin ta dahu sai abubuwa biyu sun faru, ɗaya bayan ɗaya. Na farko shi ne ruwa ya ratsa ta har tsakiya. Fatar wake ba ta barin ruwa ya shiga ta ko'ina da farko, mafi yawansa yana bi ne ta ɗan ramin da ke gefen idon wake, wato wurin da ƙwayar ta manne da kwanso, sannan ya bazu a ƙarƙashin fata a hankali. Shi ya sa idan aka duba waken da aka jiƙa bayan rabin awa za a ga fatar ta tattare ta yi yamutse, alhali cikin yana nan da ƙarfinsa. Fatar ta riga ta sha ruwa ta faɗaɗa, cikin bai kai ga kumbura ya cika ta ba.

Abu na biyu shi ne wanda ke cin lokaci. Cikin wake ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, kowane cike da sitaci da furotin, kuma akwai wani abu mai danƙo da ake kira fektin wanda ya manne su da juna, kamar yadda laka ke riƙe tubali a jikin katanga. Sitacin ba ya wahalar dahuwa, domin yana kumbura tun ruwa bai kai ga tafasa ba. Amma muddin fektin bai narke ba, ɗakunan ba za su rabu da juna ba, kuma wake zai ci gaba da yin garas-garas a baki. Abin da muke kira nunar wake, wato a matse ƙwaya tsakanin yatsu ta murmushe lugub, shi ne narkewar wannan danƙo. Saboda haka duk abin da zai sa fektin ya narke da sauri yana rage lokacin girki, duk abin da zai ƙarfafa shi kuma yana tsawaita shi.

Abin da ya fi ƙarfafa fektin shi ne sinadarin kalsiyam da ɗan'uwansa magniziyam. Kowane ɗayansu yana iya kama zaren fektin biyu a lokaci guda ya ɗaure su, sai danƙon ya ƙi narkewa ko da ruwa yana tafasa. Tsami ma haka yake yi ta wata hanyar, domin fektin ya fi jure wa zafi a cikin ruwa mai tsami. Wanda ya riƙe waɗannan biyun, wato kalsiyam da tsami, ya fahimci kusan duk abin da ke tafe.

Dalilin da ya sa waken Legas ya fi taurin kai

Mutanenmu da suka taso a Arewa sukan lura cewa waken da suke dafawa cikin sauƙi a gida ya koma wani abu dabam a nan, har wasu su ɗauka irin waken ne ya bambanta. Mafi yawan waken da ake sayarwa a Mile 12 da sauran kasuwannin Legas daga Arewa ake kawo shi, ko fari ne ko ja, har da wanda ake kira oloyin. Ba kuma zafin tafasa ba ne, domin Legas tana bakin teku, ruwa yana tafasa a kan digiri 100 cif, ya ma fi na Jos zafi, inda tsayin ƙasa ke sa ruwa ya tafasa a wajen digiri 96. Abin da ya bambanta shi ne iskar da waken ya zauna a ciki.

Ana girbe wake a Arewa daga wajen Oktoba zuwa Disamba, sai hunturu ya ƙarasa busar da shi. Idan ya iso Legas yana zama a buhu a cikin rumfa mai zafi da laima wata da watanni, kuma zafi haɗe da laima su ne ke taurara wake. A cikin sabon wake akwai wani sinadari mai suna fayitet wanda ke riƙe kalsiyam da magniziyam ya hana su kaiwa ga fektin. Idan wake ya daɗe yana shan laima a cikin zafi, wannan sinadari yana lalacewa a hankali, sai kalsiyam ɗin ya kuɓuta ya je ya ɗaure fektin tun waken yana cikin buhu. Wannan shi ne bayanin da masana kimiyyar abinci suka fi karkata gare shi. Irin wannan wake yana shan ruwa, yana kumbura sarai, amma ya ƙi laushi. Shi ya sa waken da aka saya a Disamba ko Janairu yake nuna cikin abin da bai kai awa ɗaya ba ko da ba a jiƙa shi ba, na watan Yuli da Agusta kuwa ya haura awa ɗaya da rabi.

Akwai alamun da za a iya dubawa tun a kasuwa. Farin wake idan ya tsufa yakan dishe ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ja kuma ya ƙara duhu ya rasa sheƙinsa. Huda-hudar ƙwaro da garin da ke taruwa a gindin buhu suna nuna an daɗe da ajiye shi. Idan aka ga launin ƙwayoyin ya bambanta sosai a cikin mudu ɗaya, wataƙila an gauraya sabo da tsoho, kuma wannan ne ke sa rabin tukunya ta dame alhali rabi yana nan da ƙarfi.

Ruwa ma yana da nasa hannun. Gidaje da yawa a Legas sun dogara da rijiya ko burtsatse, kuma ruwan ya bambanta daga unguwa zuwa unguwa. Idan sabulu ba ya kumfa sosai a ruwan gidanku, ko kuma farin ɓawo yana taruwa a gindin butar shayi, to ruwan yana ɗauke da kalsiyam mai yawa, kuma zai ƙara wa wake tauri. A irin wannan gida ya fi a jiƙa wake a kuma dafa shi da ruwan leda.

Abin da jiƙo yake yi, da abin da ba ya yi

Jiƙo yana kammala aikin farko ne, wato shigar ruwa, ba tare da an kunna wuta ba. Waken da ya jiƙu sosai nauyinsa yakan kusan ninkawa, kuma da zarar ya hau wuta zafi yana samun ruwa a ko'ina cikin ƙwayar, sai baya da tsakiya su nuna tare. Waken da aka zuba a busashe kuwa bayansa yana dahuwa ya farfashe tun ruwa bai kai tsakiya ba.

Wakenmu fatarsa siririya ce, ba ya bukatar dogon jiƙo irin na manyan waken ƙasashen waje. Awa huɗu zuwa shida sun ishe shi. A zafin Legas ma dogon jiƙo yana da illa, domin idan wake ya wuce awa takwas a ruwa a ɗakin girki mai zafi, sai kumfa ta taso a sama, ruwan ya yi yauƙi, ya fara warin tsami. Wannan tsamin da ya fara shiga shi ne kuma zai hana shi laushi, ka ga an yi ba a yi ba ke nan. Mai son jiƙawa da dare ya sa a firji idan akwai wuta, idan babu kuma ya fi a jiƙa da safe domin girkin rana, ko da azahar domin na dare.

Jiƙo da ruwa zalla ba ya taɓa ɗaurin da kalsiyam ya yi wa fektin. Yana rage lokaci ga sabon wake, amma tsohon wake zai kumbura ne kawai ya ci gaba da taurinsa. A nan gishiri yake shigowa. Sodiyam ɗin da ke cikin gishiri yana ture wani ɓangare na kalsiyam da magniziyam daga jikin fektin ya maye gurbinsu, shi kuma ba ya iya ɗaure zare biyu, sai ɗaurin ya sassauta. Wannan musanya tana bukatar lokaci, kuma ta fi tasiri a fata, wadda ita ce takan rage da tauri bayan ciki ya nuna. Gishirin da aka zuba minti biyar kafin a sauke tukunya ba shi da damar yin wannan aiki, ɗanɗano kawai zai bai wa romo, cikin ƙwayar kuma ya zauna lami.

To daga ina tsohuwar dokar ta samo asali? Iyayenmu ba su faɗe ta haka kawai ba, akwai abin da suka gani. Waken da aka sa wa gishiri da wuri fatarsa tana laushi ta miƙe tare da cikin, ba ta fashewa, sai mai kallon tukunya ya ga ƙwayoyi cif-cif ya ɗauka ba su nuna ba, alhali da ya matse ɗaya da ya ji ta yi lugub. Sannan a girkinmu gishiri ba ya shiga shi kaɗai, yakan shiga ne tare da tumatir da kayan miya, sai tsamin tumatir ya taurara wake a ɗora wa gishiri laifi. Gishirin da ba a tace ba ma yakan ɗauko kalsiyam da magniziyam a cikinsa. Haka kuma idan gishiri ya yi yawa ƙwarai yana rage saurin shigar ruwa, saboda haka awo yana da muhimmanci.

Matakan girkin, da rabin kilo na tsohon jan wake

Mu ɗauka watan Agusta ne, an sayo rabin kilo na jan wake, wato kusan kofin shayi uku, ana son a yi faten wake da manja da tumatir domin abincin dare.

Da misalin ƙarfe ɗaya na rana a tsince waken, a fitar da tsakuwa da ƙwayoyin da ƙwaro ya cinye, a wanke shi sau biyu, a zubar da duk wanda ya taso saman ruwa. Sai a auna ruwa lita ɗaya da rabi a roba mai faɗi, a zuba gishiri babban cokali ɗaya da rabi a shafe, ba a tula ba. Ma'aunin shi ne babban cokali ɗaya ga kowace lita, wato kimanin giram 15. A juya har gishirin ya narke kafin a zuba wake, a tabbata ruwan ya haura shi da kamar tsawon yatsa, domin zai kumbura ya taso, kuma duk ƙwayar da ta fito waje ba za ta jiƙu daidai da sauran ba. A rufe a ajiye a inuwa.

Da ƙarfe biyar ko shida a ɗauki ƙwaya uku ko huɗu a tsaga da farce. Idan ta tsage cikin sauƙi, kuma launin cikin iri ɗaya ne daga baki har tsakiya, ta jiƙu. Idan akwai ɗan busasshen fari a tsakiya, a ƙara mata awa ɗaya. Daga nan a tsiyaye ruwan jiƙon a zubar, a ɗauraye waken sau ɗaya da ruwa mai kyau. Kada a ji tsoron cewa abincin zai yi gishiri, domin mafi yawansa yana tafiya da ruwan da aka zubar. Zubar da ruwan yana da wani amfanin kuma, yana ɗauke wani ɓangare na sukarin da cikin mutum ba ya iya narkarwa, wanda ke kawo kumburin ciki bayan cin wake.

A zuba waken a tukunya mai murfi mai kyau, a sa sabon ruwa ya haura shi da kamar gaɓar yatsa biyu, a yanka albasa ɗaya, a ƙara gishiri rabin ƙaramin cokali kawai, tunda dunƙulen ɗanɗanon da za a sa daga baya shi ma gishiri ne. A buɗe wuta har ya tafasa, a kwashe kumfar da ta taso, sannan a rage wutar a rufe tukunya a bar shi yana ɓararraka a hankali. Mutane da yawa suna barin wuta a sama suna ganin hakan zai sa ya yi sauri, amma ruwan da ke tafasa ba ya wuce digiri 100 komai ƙarfin wuta. Abin da babbar wuta ke yi shi ne ƙone ruwa da gas da farfasa fatar wake. Idan ruwa ya ja baya a ƙara da tafasasshe daga buta, domin ruwan sanyi yana sauke zafin tukunya, sai an jira ta sake tafasa kafin dahuwa ta ci gaba.

Bayan rabin awa a fara gwadawa. A ɗebo ƙwaya biyar daga wurare dabam-dabam na tukunyar, a bar su su ɗan huce, a matse kowace tsakanin babban yatsa da manuni. Wadda ta nuna tana murmushewa sumul ba tare da wani tsaki-tsaki ba. Wadda ba ta nuna ba takan rabu gida biyu, ko ta bar ɗan ƙulli mai ƙarfi a yatsa. Sai duka biyar sun murmushe za a ce wake ya nuna, domin ƙwaya ɗaya takan yaudari mutum. Sabon wake da aka jiƙa haka yakan kai wannan matsayi cikin rabin awa ko minti arba'in, tsoho kuma yakan kai awa ɗaya.

Sai a wannan lokaci ne tumatir da tattasai da attaruhu za su shiga, kuma ya fi a soya su dabam a manja yayin da wake ke kan wuta, sannan a juye su ciki a bar su minti goma zuwa sha biyar su haɗe. Wannan shi ne wurin da ba a yi masa gaggawa. Idan aka zuba tumatir alhali wake ya rage saura kaɗan ya nuna, wannan saura kaɗan ɗin yana iya cin wata awa guda, wani lokaci ma ba zai ƙarasa ba sam. Tumatirin gwangwani, da tsamiya, da lemon tsami, da yakuwa duk hukuncinsu ɗaya ne. Idan wake da shinkafa ake yi irin na garau-garau, ana zuba shinkafar ne lokacin da wake ya fara murmushewa amma da sauran ɗan ƙarfi, tunda shinkafa ba ta da tsami, kuma minti ashirin ɗin da za ta ɗauka zai ƙarasa shi.

Wanda bai sami damar jiƙo tun rana ba yana da gajeriyar hanya. Ya zuba wake a ruwan gishiri mai wannan awon, ya tafasa shi minti biyu, ya kashe wuta ya rufe tukunya ya bar shi awa ɗaya, sannan ya zubar da ruwan ya dafa kamar yadda aka bayyana. Ruwan zafi yana ratsa ƙwaya da sauri fiye da na sanyi. Idan ko awa ɗayan ma babu, a sa gishiri ƙaramin cokali ɗaya tun farkon ɗora tukunya.

Batun kanwa

Kanwa tana aiki, kuma ta fi gishiri ƙarfi, domin ita ma tana ɗauke da sodiyam, sannan tana kashe tsamin ruwa, wanda ke sa fektin ya narke da sauri sosai. Amma tana da farashi. Tana lalata wani ɓangare na bitamin B1 da ke cikin wake, tana sa shi duhu, idan ta yi yawa kuma sai baya ya dame ya yi santsi, ɗanɗanon ya koma kamar na sabulu. Ni dai ba na ganin dalilin sa ta a sabon wake ko a wanda aka jiƙa da gishiri. Wurinta shi ne tsohon waken da ya yi awa ɗaya yana tafasa, ya kumbura, amma yana nan garas-garas. A nan sai a jiƙa ɗan gutsuren da bai wuce girman ƙwayar wake ɗaya ko biyu ba a rabin kofin ruwan zafi, a bari yashin ya kwanta, a tsiyaye ruwan saman a tukunya. Mai bekin soda ya sa rubu'in ƙaramin cokali ga rabin kilo, ita ma aikinsu ɗaya ne kuma ta fi sauƙin awo. A jira minti goma sha biyar a sake gwadawa kafin a yi tunanin ƙari. Tukunyar firesha kuwa, wato mai kulle tururi a ciki, tana kai zafi wajen digiri 120, kuma waken da aka jiƙa yakan nuna a cikinta cikin kusan minti goma, sai dai kada a cika ta fiye da rabi, saboda kumfar wake tana iya toshe mafitar tururi.

Akwai waken da ya riga ya wuce gyara, wanda ya daɗe a laima har jiƙo da gishiri da kanwa duk ba sa kai shi ga laushin da ake so. Idan aka gane haka daga tukunyar farko, sauran a surfe shi a cire fata a kai niƙa a yi ƙosai ko alale, domin injin niƙa yana farfasa ɗakunan da wuta ta kasa rabawa. Wanda kuma yake da hali ya sayi wakensa a Disamba ko Janairu lokacin da sabo ya shigo, ya tabbata ya bushe ƙarau, ya zuba a jarka ko bokiti mai murfin da iska ba ta shiga, ya cika shi har baki, ya ajiye nesa da murhu da bango mai laima. Rufewar tana hana laimar Legas isa gare shi, ƙwaron da ke ciki kuma ya mutu saboda rashin iska, ba sai an zuba wa abinci maganin ƙwari ba. Abin da za a ci a cikin mako biyu a riƙa ɗebe shi a ƙaramin mazubi dabam, domin kada a riƙa buɗe babban kullum.